An cire mini miliyan biyu a bara, kuma akanta ya ce da sauran biya

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata damuwa, ina so masana su warware mini kafin in yi wa yaron nan akantana faɗan da bai cancanta ba. Kamfanina limitad ne, a Kano muke. Bara, 2024, ayyuka biyu kacal muka yi. Na farko ginin ajujuwa na naira miliyan 40, na biyu kuma kai kujeru da teburan ɗalibai na miliyan 20 ga wata hukuma. A duka biyun an cire mini abin da suke rubutawa WHT a jikin bauca, wato harajin da mai aiki ke cirewa kafin ya biya ka, miliyan ɗaya a nan, miliyan ɗaya a can. To yanzu Yunin 2025 ya kama, akanta ya gama lissafin shekara, wai in kawo 525,000 na haraji kafin ƙarshen wata. Ni dai na san an riga an yanke ni tun kafin kuɗin su shigo hannuna. Haraji sau nawa ake biya a ƙasar nan?

Ɗanjuma Tipa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba shi ko sisi. Wanda aka cire maka shi ne harajinka, magana ta ƙare. Mu da muke kai yashi da tsakuwa shekara da shekaru haka muke, a cire, mu karɓi saura, kowa ya kama gabansa.

Injiniya Bashir: Alhaji ka duba takardar kwangilar da kyau. Kashi 5 da ake riƙewa ai ba haraji ba ne, bayan wata shida idan gini bai tsage ba, rufi bai yi yoyo ba, za su sakar maka abinka. Ni ma ina bin wasu irinsa yanzu haka.

Alhaji Sabo: A'a Injiniya, wancan daban. Kuɗin riƙon gini na san shi, an ma biya ni shi a Maris. Wannan layinsa daban a bauca.

Injiniya Bashir: To na yi kuskure, na ɗauka shi kake nufi. Bari mu jira Hajiya Rabi, fanninta ne.

Hajiya Rabi: Ga ni, ina cikin aikin ƙarshen wa'adi ne shi ya sa na yi shiru. Malam Ɗanjuma, da haƙuri, maganarka za ta iya jefa Alhaji cikin tara. Akwai inda abin da aka cire yake zama na ƙarshe, misali rabon riba da kamfani ke bai wa masu hannun jari, a cire kashi 10 a wuce wurin. Amma ɗan kwangila mazaunin Najeriya ba ya cikin wannan. Abin da aka cire masa kafin alƙalami ne. Gwamnati ba ta yarda ta jira ka har ƙarshen shekara ba, sai ta ce wa wanda zai biya ka, cire mini wani abu ka ajiye a wurina da sunan wannan mutumin. Idan shekara ta ƙare a lissafa harajin gaskiya a kan riba, a ɗebe abin da aka ajiye. In ya rage saura ka cika, in kuma ajiyar ta fi harajin, kai ke bin gwamnati.

Alhaji, kafin in ce akantanka ya yi daidai ko bai yi ba, turo mini abu uku. Ribar da ya fitar, rangwamen kayan aiki da ya nema, da kuma adadin kiredit, wato abin da aka cire aka ajiye da sunanku, da yake gani a shafin kamfaninku na TaxPro Max, manhajar hukumar harajin tarayya. Na ukun nan shi ya fi muhimmanci.

Alhaji Sabo: Ranki ya daɗe na kira shi. Ya ce ribar da ake ɗora wa haraji miliyan 7.5 ce, rangwamen motar ɗaukar kaya da injin kwaɓa siminti miliyan 1. Kiredit kuma ya ce miliyan ɗaya yake gani. Na ce masa biyu ne, ya ce shi dai ɗaya yake gani.

Hajiya Rabi: Yauwa, ga inda gizo ke saƙa. Yaron bai cuce ka ba, lissafinsa ya fita. Bari in bi da kai a hankali.

Cinikinku na shekara miliyan 60 ne. Wannan ya sa ku a rukunin matsakaitan kamfanoni, waɗanda cinikinsu ya haura miliyan 25 amma bai kai miliyan 100 ba, su kuma a dokar da ta shafi 2024 kashi 20 cikin 100 na riba ne harajinsu. A cire rangwamen miliyan 1 daga miliyan 7.5, saura miliyan 6.5. Kashi 20 ɗinsa 1,300,000. Wannan shi ne harajin kamfaninku na bara.

Da a ce miliyan biyun da aka cire duk sun bayyana a shafinku, da sun haɗiye 1,300,000 ɗin nan gaba ɗaya, har ku yi rarar 700,000 da za ku tafi da ita baɗi. Amma ɗaya ce ta bayyana, don haka na'ura tana ganin saura 300,000 a kanku.

Ragowar 225,000 kuma harajin ilimi ne na 2024, kashi 3 na miliyan 7.5, domin shi ana lissafa shi kafin a cire rangwamen kayan aiki. Wannan ko kiredit ɗinka ya kai miliyan goma ba a biyan sa da shi, tsabar kuɗi ake sawa. Haɗa 300,000 da 225,000, ga 525,000 ɗin da ya faɗa maka.

Saboda haka ainihin tambayar ita ce ina miliyan ɗayar ta maƙale.

Alhaji Sabo: Ikon Allah. To ai ga bauca a hannuna, an rubuta ƙarara. Na kujerun ma bari in karanto muku. Inbois ɗina miliyan 20, da VAT miliyan 1.5, jimla 21,500,000. Abin da ya shigo asusu 18,800,000.

Hajiya Rabi: Wannan ya yi daidai da yadda hukumomin gwamnati ke yi. Sun riƙe VAT ɗin gaba ɗaya don su kai da kansu, wato 1,500,000. Sun cire kashi 5 na miliyan 20, miliyan ɗaya. Sun cire kashi 1 na harajin kan sarki da ake ɗora wa takardar kwangila, 200,000. A cikin ukun nan miliyan ɗayar kaɗai ce za ta rage maka harajin shekara. Na kan sarki ya tafi ke nan, sai dai akanta ya sa shi cikin kuɗin da aka kashe. VAT kuma dama ba kuɗinka ba ne, hanya ce ta biyo da shi ta kanka.

Amma bauca shaida ce kawai cewa an cire. Ba shaida ba ce cewa an kai, kuma ba shaida ba ce cewa an kai da sunanka. Wanda ya cire wa kamfani, doka ta ba shi zuwa ranar 21 ga watan da ke biye ya kai wa hukumar harajin tarayya, FIRS, tare da jadawalin sunayen waɗanda ya cire wa, da lambar TIN ɗin kowa, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da adadin kowa. Da wannan jadawalin ne ake raba kuɗin zuwa shafin kowane kamfani. A aikina abin da na fi gani iri uku ne. Ko ba su kai ba sam. Ko sun kai a dunƙule ba jadawali. Ko sun kai da jadawali amma lambar da suka sa ba taka ba ce. Wanne ne ya bayyana a shafinku, na gini ko na kujeru?

Alhaji Sabo: Ya ce na gini ne ya fito.

Hajiya Rabi: To hukumar kujerun nan, ka taɓa yi musu aiki kafin ka yi rajistar limitad?

Alhaji Sabo: Ƙwarai. Tun ina da sunan kasuwanci kawai nake kai musu kaya, a 2021 na mayar da shi kamfani.

Hajiya Rabi: Ba na rantsuwa, amma ina kyautata zaton tsohuwar lambarka ce a fayil ɗinsu. Gobe da safe ka je sashen kuɗinsu da kanka, kada ka aiki yaro. Ka nemi shaidar biyan watan da aka biya ka, da jadawalin da suka haɗa da ita. Ka duba layinka, ka karanta lambar ɗaya bayan ɗaya.

Malam Isuhu: Hajiya ina bin bayaninki, Allah ya ƙara basira. Ni malamin lissafi ne, ba ɗan kwangila ba, amma wani abu ya tsaya mini. An cire kashi 5 a kan kuɗin aiki gaba ɗaya, haraji kuma kashi 20 ne a kan riba kaɗai. Idan na juya lissafin, kafin harajin mutum ya kai abin da aka cire masa sai ribarsa ta kai kashi 25 na cinikinsa. Wane mai kai kaya ne yake samun haka a wannan zamani?

Hajiya Rabi: Malam ka kama bakin zaren. Babu, ko kuma 'yan kaɗan. Babban kamfani mai biyan kashi 30 ma sai ribarsa ta kusa kashi 17 kafin su yi kunnen doki. Shi ya sa za ka ga kamfanin da ke kai kaya yana da kiredit jibge na shekaru, a takarda yana da dukiya, a banki ba shi da na sayen dizal. Kuɗin juyawarsa ne ke kwance a can. Wannan koken ne ya sa tun a dokar kuɗi ta 2019 aka rage na ginin hanya, gada, gidaje da tashar lantarki zuwa kashi 2.5, shi ya sa na ginin Alhaji ya zama miliyan ɗaya a kan miliyan 40. Sannan aka fito da sabuwar ƙa'idar cirewa ta 2024, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2025. A cikinta irin wancan ginin ya koma kashi 2, kai kaya ma kashi 2, aikin ƙwararru da ba da shawara ya sauko daga kashi 10 zuwa 5 ga kamfanonin gida. Sauran ayyukan da suka danganci gini waɗanda ba su cikin huɗun can suna nan a kashi 5. Da kashi 2, matsakaicin kamfani ribar kashi 10 ta ishe shi ya cinye kiredit ɗinsa. Ya fi kusa da gaskiyar kasuwa.

Alhaji Sabo: Tsaya Hajiya. Kashi 2 kika ce na kai kaya? A watan Afrilun nan na kai wa wata makaranta mai zaman kanta kaya, kashi 5 suka cire.

Hajiya Rabi: Akantansu bai sabunta takardarsa ba. Kuɗin bai ɓata ba in dai sun kai da lambarka, zai zama kiredit. Amma kashi 3 ɗin da suka ƙara kuɗinka ne da ya kamata yana juyawa a hannunka. Ka rubuta musu. Ka kuma tabbata lambar TIN ɗinka tana jikin kowane inbois, domin sabuwar ƙa'idar ta ce wanda ba shi da lamba a ninka masa abin cirewa.

Ɗanjuma Tipa: Ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. Dabarata ɗaya ce. In na san za a cire kashi 5, sai in ɗora kashi 5 a kan farashi tun farko. Su suka biya, ba ni ba.

Malam Isuhu: Ko a lissafi ma bai fita ba Ɗanjuma. In ka ɗora 5 a kan 100 ya zama 105, za su cire kashi 5 na 105, wato 5.25. Ka koma 99.75.

Ɗanjuma Tipa: Malam kwabo ashirin da biyar ɗin na bar musu sadaka.

Hajiya Rabi: Farashinka naka ne, ba mai hana ka sa abin da kasuwa za ta ɗauka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka rubuta shi a matsayin wani layi daban a inbois, kamar wani kuɗin aiki da mai aiki zai ɗauka. Ƙa'idar ta faɗa a fili cewa ba ƙarin kuɗin kwangila ba ne. Amma abin da ya fi damuna da kai shi ne wancan na farko, cewa ba ka shigar da bayanan shekara. Duk wanda ya cire maka ya kai da lambarka, ya gaya wa hukuma cinikinka ne ba tare da ka sani ba. Jami'i zai ga 500,000 a kashi 5, ya san ka yi aikin miliyan 10. Ran da ka je neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila, shekaru uku baya za su buɗe.

Ɗanjuma Tipa: Ni ban taɓa neman ta ba, a ƙarƙashin wasu nake aiki.

Hajiya Rabi: To Allah ya sa ka girma har ka neme ta.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Anti Rabi don Allah ni ma a duba nawa. Ina dafa abincin taro a Kaduna, sunan kasuwanci nake da shi, ba limitad ba. Wani kamfani da nake yi wa abincin bita suna cire mini duk wata. Na ji kina ta TaxPro Max, na sa ƙanena ya duba, ba mu ga komai ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikis salam ƙanwata. Naki ba can zai je ba. Mai sunan kasuwanci a idon doka mutum ne, ba kamfani ba, harajinsa na kuɗin shigar mutum ne, kuma na jihar da yake zaune ne. Ke naki hukumar harajin jihar Kaduna za a kai wa, kamar yadda na ɗan Kano ke zuwa KIRS, hukumar harajin jihar Kano. Wa'adin kaiwa can ranar 30 ga watan da ke biye ne, bayanan shekararki kuma zuwa 31 ga Maris ake shigarwa, ba Yuni ba kamar su Alhaji. Ki tambaye su wace hukuma suke kai wa. Manyan kamfanoni da yawa suna zuba kowa a jadawali ɗaya su tura tarayya, sai mutum ya je jiha a ce ba a ga komai ba. Kuɗin da ya tafi tarayya jiha ba za ta lissafa miki shi ba, sai wanda ya yi kuskuren ya gyara.

Maman Ilham: Kuma Anti a kan jimlar kuɗin suke cirewa, har da VAT.

Hajiya Rabi: Wannan ma kuskure ne. A kan kuɗin aiki ake cirewa kafin a ɗora VAT. Ki riƙa raba su layi biyu a inbois, kuɗin abinci daban, VAT daban, don kada a ba su hujja.

Sani Mai Bulo: Ni fa na ji a rediyo an ce an yafe wa ƙananan 'yan kasuwa wannan cirewar gaba ɗaya, in dai aikin bai wuce miliyan biyu ba. Me ya sa har yanzu ake cire wa Maman Ilham?

Barista Kabiru: Sani, rabin labarin ka ji. Na karanta ƙa'idar. Sauƙin da aka yi na mai biya ne, ba na wanda ake biya ba. Idan ƙaramin kamfani ne zai biya ka, kuma abin da ke tsakaninku a wannan watan bai wuce miliyan 2 ba, kuma kana da TIN mai aiki, to an ɗauke masa nauyin cirewa. Amma idan babban kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati ke biyan ka, za su cire ko kai ƙarami ne.

Sani Mai Bulo: To ƙaramin kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan 25 ba, ai an ce ba ya biyan harajin kamfani. A cire masa a ajiye don a biya me?

Barista Kabiru: Tambayar da ni ma ban ga amsarta mai gamsarwa ba ke nan. Harajinsa sifili ne, kiredit ɗinsa na taruwa, ba abin da zai ci da shi sai ran da ya girma ko ya nemi a mayar masa.

Hajiya Rabi: Haka ne. Amma kai Sani kana da wata ƙofa da ba ka sani ba. Bulon da kake kaiwa kai kake buga shi?

Sani Mai Bulo: Da injina biyu, a filina.

Hajiya Rabi: To sabuwar ƙa'idar ta cire kayan da mai kawowa ya ƙera ko ya sarrafa da kansa daga cikin abin da ake cire wa. Kai bai kamata a taɓa kuɗinka ba a kan bulon da ka buga. In ka sayo siminti ka sayar musu, wannan kai kaya ne, kashi 2. Kada ka cakuɗa su a inbois ɗaya. Alhaji da a ce yana da wurin kafintocinsa da kujerun bana sun shiga wannan, amma na san saye yake yi.

Alhaji Sabo: Saye nake yi, ba na jayayya. Jama'a na dawo daga hukumar nan. Hajiya Allah ya biya ki. Sun kai kuɗin tun watan Oktoba, ga shaida na gani da idona. Amma lambar da ke layina tsohuwar ce, ta sunan kasuwancin da na daina amfani da shi. Mai kula da fayil ɗin ya ce shi abin da ya tarar a kwamfuta ya sa. Na ce a gyara, ya ce sai darakta ya sa hannu, darakta kuma ya tafi aikin Hajji bai dawo ba.

Barista Kabiru: Alhaji ba sai ka jira darakta ba. Ƙa'idar 2024 ta ce wanda ya cire shi zai ba ka rasit, ka kai wa hukumar haraji, su ba ka kiredit ɗinka ko an kai kuɗin ko ba a kai ba. In ba a kai ba, bashi ne a kan wanda ya cire, su bi shi da tara da kuɗin ruwa. Ka karɓi rasit kawai ka miƙa.

Hajiya Rabi: Barista, abin da ka karanta yana nan a rubuce, kuma gyara ne mai kyau, don a da ɗan kwangila ne ke shan wahalar laifin wani. Amma abu biyu. Cirewar Alhaji ta Satumbar 2024 ce, kafin ƙa'idar ta fara aiki. Na biyu, matsalarsa ba rashin kaiwa ba ce, an kai, an dai zuba a wata lamba. Kuma lokacin da akanta ke cike bayanai a na'ura, abin da ke cikin shafin kamfani kaɗai zai iya zaɓa ya biya da shi. Takarda a hannu ba ta shiga wannan gurbin da kanta, sai wani jami'i ya yi aiki a kanta.

Barista Kabiru: Na yarda da na biyun. Na farkon ban yarda ba. Haƙƙin mutum a kan abin da aka cire masa ba ƙa'idar 2024 ce ta ƙirƙire shi ba, yana cikin dokar harajin kamfanoni tun da daɗewa. Na'ura ba ta fi doka ba.

Hajiya Rabi: Ba ta fi ba, amma ita ce ke buɗe ranar 30 ga Yuni. Kai za ka ci shari'arka a Disamba, shi kuma tara ta riga ta hau.

Barista Kabiru: Wannan kuma maganar akantoci ce, kullum a biya tukuna.

Alhaji Sabo: To ni yanzu wanne zan ɗauka? Kwana goma sha biyu suka rage.

Hajiya Rabi: Ga abin da zan yi da a ce kamfanina ne. Harajin ilimi 225,000 ba makawa, ka biya. Yau ɗin nan ka rubuta wa ofishin harajin da fayil ɗinku yake, ka haɗa kwafin bauca, takardar ba da kwangila, shaidar biyan da ka gani, da shafin jadawalin da ke nuna tsohuwar lamba, ka nemi a mayar da kuɗin kan lambar kamfani. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Za su so wasiƙa daga hukumar da ta yi kuskuren, don haka ka rubuta musu su ma, mataimakin darakta yana iya sa hannu in an matsa. In an gyara kafin 30 ga wata, shi ke nan, ba ka da sauran ko kwabo na harajin kamfani. In ba a gyara ba, ka shigar da bayananka a kan lokaci ka biya 300,000 ɗin. A dokar da ke aiki a Yunin 2025, tarar rashin shigarwa 25,000 ce a watan farko da 5,000 kowane wata bayansa, rashin biya kuma kashi 10 ne da kuɗin ruwa a kai. Kuɗin da ka biya ba asara ba ne. Ran da miliyan ɗayar ta dawo shafinka, za ta zauna cif ta jira harajin baɗi, maimakon 700,000.

Kuma ka gaya wa akantanka, a littafi ya rubuta cinikin kujeru miliyan 20 cur, ba abin da ya shigo banki ba. Miliyan ɗayar ya ajiye ta a matsayin bashin da kuke bi. Na sha ganin an rubuta abin da alat ya nuna a matsayin ciniki, sannan a zo a nemi kiredit a kai, jami'i ya haɗa lissafi ya ga ba su yi daidai ba, daga nan bincike ya tashi.

Malam Isuhu: Hajiya, in rarar ta zauna, ba zai iya cewa a ba shi kuɗinsa a hannu ba?

Hajiya Rabi: Doka ta ba shi dama. Ana nema a rubuce, amma sai an binciki littattafan kamfani tukuna, bayan an amince ne ake ƙirga kwana 90 na biya. Binciken nan ne yake sa yawancin masu ƙananan kamfanoni su ce a bar shi ya tafi gaba. Wanda zai nemi 700,000 ya san za a buɗe masa rasit ɗin siminti na shekaru, sai ya auna. Ga Alhaji ma ba shi da buƙata, tunda an koma kashi 2, abin da za a cire masa bana zai yi ƙasa da harajinsa in ribar ta tsaya yadda take, rarar za ta riƙa shigewa a nan kaɗan-kaɗan.

Ɗanjuma Tipa: Kun gani ko? Kuɗi ya shiga hannun gwamnati, sai dai labari. Ni da na ce a bar musu ban yi ƙarya ba.

Malam Isuhu: Kai ka bar musu duka, shi Alhaji zai ci nasa baɗi. Ba ɗaya ba ne.

Maman Ilham: Anti na tambaye su. Wai tarayya suke kaiwa, shekara biyu ke nan. Mai kuɗin nasu ya ce ba su taɓa raba jadawali ba, kuma ba za su fara a kaina ba.

Barista Kabiru: Turo mini baucocin ta akwatin sirri in gani. In haka ne jihar na bin su bashi, ba ke ba.

Hajiya Rabi: Ki fara da wasiƙa mai laushi tukuna, kina son aikin ya ci gaba. Barista a riƙe takobi sai an ga amsarsu.

Alhaji Sabo: Na kai wasiƙar ofishin haraji, an buga hatimi. Mataimakin daraktan kuma ya ce in dawo Litinin, wai sai ya ga fayil. Na ware 525,000 na ajiye gefe ko da Litinin ɗin ta zama wata Litinin. Akanta kuma na kira shi na ba shi haƙuri.

Injiniya Bashir: Hajiya kafin ki koma aiki, kuɗin riƙon ginin da nake bi, in sun tashi sakinsa bana, kashi 2.5 na lokacin da aka yi aikin za su cire ko kashi 2 na yanzu?

Hajiya Rabi: Duba baucocinka na baya tukuna. Wasu suna cirewa a kan jimlar satifiket ɗin biyan aiki tun farko, har da abin da suka riƙe, in haka ne an riga an cire, kada ka bari a maimaita. In ba su cire ba, ni a fahimtata lokacin biya ake dubawa, wato kashi 2. Turo baucar ƙarshe in duba da daddare.